Yadda ake gano notin da ya fi shan wahala idan nauyi ya kauce wa cibiyar notuna

A manyan sito da masana'antu masu ginshiƙan ƙarfe, sau da yawa ana ɗaure farantin ƙarfe a fuskar ginshiƙi da notuna, a bar bakinsa ya miƙo waje don a ɗora masa bim, ko layin da injin ɗaga kaya ke bi, ko ƙafar dandamalin tanki. Nauyin ba ya sauka a kan notunan. Yana sauka ne can bakin farantin, nesa da su. Wanda bai saba ba sai ya raba nauyin da yawan notunan, ya ga kason kowanne bai taka kara ya karya ba, ya sa hannu a zane. A misalin da za mu bi a nan, wannan rabon yana ba da kN 10, wato kilonewton goma ko kimanin tan ɗaya, ga kowane noti, alhali notin da ya fi shan wahala yana ɗauke da kN 41.

Dalilin shi ne abin da kowane makaniki ya sani game da sufana: idan noti ya ƙi kwancewa, sai a zura wa sufanar faif a ƙara mata tsawo, ƙarfin hannu bai canja ba amma murɗin ya ninku. Farantin da ya miƙo daga ginshiƙi haka yake yi wa notunansa. Yana danna su ƙasa, yana kuma ƙoƙarin juya su gaba ɗaya. Aikinmu shi ne mu ware waɗannan ƙarfin biyu, mu lissafa kowanne, sannan mu haɗa su ta la'akari da inda kowanne ya dosa.

Kafin komai, a tabbata matsalar irin wannan ce. Hanyar da za a bi tana aiki ne idan nauyin yana cikin shimfiɗar farantin, wato farantin yana neman juyawa ne a kan fuskar ginshiƙin yana gogarta, notunan kuma suna fuskantar yanka a tsakanin ƙarafan biyu. Idan nauyin yana neman ɓalle farantin daga jikin ginshiƙin, ya ja notunan sama waje, wannan wani lissafi ne dabam, kada a kawo shi nan.

Abin da ke gabanmu

Faranti mai kaurin milimita 10, an ɗaure shi da notuna shida masu girma ɗaya, layi biyu a tsaye, uku a kowane layi. Tsakanin layin hagu da na dama milimita 100 ne. Tsakanin noti da na ƙasansa milimita 80 ne. Nauyin kN 60 ne, kimanin tan shida ke nan, yana sauka tsaye a gefen dama, milimita 250 daga tsakiyar notunan.

Wannan kN 60 nauyin zane ne, wanda an riga an ninka shi da adadin kariya. Idan da ƙa'idar Turai kake aiki, ana ninka nauyin dindindin da 1.35, mai zuwa ya tafi kuma da 1.5. Idan da BS 5950 ne, wadda har yanzu ofisoshin zane da dama a Najeriya ke riƙe da ita duk da cewa Birtaniya ta janye ta a 2010, adadin 1.4 ne da 1.6. Ka zaɓi ƙa'ida ɗaya ka tsaya a kanta daga nauyi har zuwa ƙarfin noti.

Mataki na farko: cibiyar notunan

Duk awon da za a yi daga cibiyar rukunin notunan yake tashi. Idan notunan girmansu ɗaya, cibiyar ita ce matsakaicin wurarensu: ka tara nisan kowanne daga wani layi da ka zaɓa, ka raba da yawansu, sau ɗaya a kwance, sau ɗaya a tsaye. A namu rukunin abin a fili yake, cibiyar tana tsakanin notuna biyu na tsakiya. Daga can, kowane noti yana milimita 50 dama ko hagu, na sama suna milimita 80 sama, na ƙasa milimita 80 ƙasa, biyu na tsakiya kuma suna kan layin cibiyar. Nisan kwance shi za mu kira x, na tsaye kuma y.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne auna nisan nauyin daga bakin ginshiƙi, ko daga layin notunan da ya fi kusa da shi. Da daga layin dama aka auna, da milimita 200 za a samu maimakon 250, an zubar da kashi ɗaya cikin biyar na murɗin tun ba a fara ba.

Mataki na biyu: a mayar da nauyin cibiya

Nauyi da ke gefe daidai yake da abu biyu a tare: nauyin nan shi kansa yana sauka a kan cibiya, da murɗi wanda girmansa nauyin ne sau nisansa. A lissafin, P nauyin ne, e nisansa daga cibiya, n yawan notunan, M kuma murɗin.

```
M  = P × e = 60 × 250 = 15000 kN·mm
Fd = P / n = 60 / 6   = 10 kN
```

Wannan kN 10 shi ne kason kai tsaye. Kowane noti yana samun sa daidai da ɗan'uwansa, kuma duka ƙasa yake dosa, inda nauyin ya dosa. Ka riƙe awon a kN da milimita har ƙarshe. Wanda ya rubuta murɗin a kN·m 15 sannan ya raba shi da milimita, amsarsa za ta ragu sau dubu, kuma ba kullum ake lura ba.

Mataki na uku: yadda murɗin ke rabuwa

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimta, don kada dabarar ta zama hadda. Ana ɗauka cewa farantin yana da tauri, ba ya lanƙwasa, yana juyawa ne ɗan kaɗan a kan cibiyar. Idan ya juya, wurin da ke nesa da cibiyar ya fi motsawa. Noti mai nisan milimita 100 zai matsu ninki biyu na mai nisan 50, kuma muddin ƙarfen bai wuce iyakar da yake komawa yadda yake ba, ƙarfin da zai ɗauka ma ninki biyu ne. Ke nan ƙarfin kowane noti yana tafiya ne daidai da nisansa, r. Gudummawar da yake bayarwa wajen tare murɗin kuwa ƙarfinsa ne sau nisansa, shi ya sa nisan yake fitowa sau biyu, ya zama r². Idan aka tara gudummawar duka dole ta yi daidai da M. Daga nan dabarar ta fito, inda Σ ke nufin jimla:

```
Fm = M × r / Σr²
Σr² = Σ(x² + y²)
```

Ba sai ka nemo r na kowane noti ba kafin ka sami jimlar. Notuna shida ne masu x na 50, huɗu ne masu y na 80:

```
Σr² = 6×50² + 4×80² = 15000 + 25600 = 40600 mm²
```

Ka lura da abin da lambobin ke faɗa. Tazarar tsaye ta notuna huɗu kacal ta ba da fiye da rabin jimlar. Za mu dawo kan wannan idan an zo gyara.

Sauran abin da ya rage shi ne inda ƙarfin ya dosa. Ba ya dosar cibiya, ba ya kuma guje mata. Yana ratsa layin da ya haɗa notin da cibiyar ne a kusurwar digiri 90, yana bin hanyar juyawar farantin. Nauyinmu yana dama yana dannawa ƙasa, don haka farantin yana son juyawa yadda hannun agogo ke yi. Notunan sama ana tura su dama, na ƙasa ana tura su hagu, na layin dama ana danna su ƙasa, na layin hagu ana ɗaga su sama. Ka zana ƙananan kibau a kan kowane noti a takarda kafin ka taɓa kalkuleta. Da yawa daga kurakuran wannan lissafi daga alamar ƙari da ragi suke fitowa, zanen kibau kuma yana kashe su.

Mataki na huɗu: a raba shi kwance da tsaye

Ana iya aiki da r da kusurwa, amma hanyar da ta fi sauƙi ita ce a raba ƙarfin murɗin gida biyu tun farko. Akwai wata 'yar juyawa a nan da ke rikita masu koyo: ɓangaren kwance daga y yake fitowa, ɓangaren tsaye kuma daga x. Dalili shi ne wanda muka gani yanzu, tsayin noti sama da cibiya shi ke sa a tura shi gefe, nisansa a gefe kuma shi ke sa a danna shi ƙasa ko a ɗaga shi.

```
Fmx = M × y / Σr² = 15000 × 80 / 40600 = 29.56 kN
Fmy = M × x / Σr² = 15000 × 50 / 40600 = 18.47 kN
```

Notuna huɗu na kusurwa suna da ɓangarorin biyu. Biyu na tsakiya ba su da ɓangaren kwance ko kaɗan, tunda y ɗinsu sifili ne.

Mataki na biyar: haɗawa

Yanzu a ɗauki notin sama na layin dama. A tsaye, kason kai tsaye na kN 10 yana ƙasa, ɓangaren murɗi na kN 18.47 shi ma yana ƙasa, sai su taru su zama 28.47. A kwance akwai 29.56 shi kaɗai. Waɗannan biyun suna kusurwar digiri 90 da juna, don haka da ƙa'idar Fitagoras ake haɗa su:

```
R = sqrt(29.56² + 28.47²) = 41.0 kN
```

Notin ƙasa na wannan layin shi ma 41.0 yake ɗauke da shi, sai dai nasa ɓangaren kwancen hagu ya dosa. Su biyun ne suka fi kowa shan wahala.

A layin hagu labarin ya sha bamban. Murɗin yana ɗaga notin sama da 18.47, nauyin kai tsaye yana danna shi da 10, abin da ya rage 8.47 ne, kuma sama ya dosa. Notunan kusurwa na hagu suna samun wannan tare da 29.56 na kwance, jimla kN 30.7. Na tsakiyar dama yana da 28.5, na tsakiyar hagu 8.5 kacal. Notuna shida iri ɗaya, daga kwali ɗaya, a faranti ɗaya, amma wani yana ɗauke da kusan ninki biyar na wani.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ake bi wajen haɗawar, ɗaya ba ta da illa sosai, ɗayar tana da ita. Notin kusurwa yana nisan milimita 94.3 daga cibiya, cikakken ƙarfin murɗin da ke kansa kN 34.85 ne. Wanda ya tara 34.85 da 10 kai tsaye zai sami 44.85. Ya wuce gaskiya da kaɗan, amma ta ɓangaren da ba ya kayar da gini. Wanda kuma ya saka 34.85 da 10 a ƙa'idar Fitagoras kamar suna kusurwar digiri 90, zai sami 36.3, ya rage gaskiya da kusan kN 5. Ba sa kusurwar 90, tsakaninsu kimanin digiri 58 ne. Idan kana son bin hanyar kusurwa, ga yadda take, kuma amfaninta shi ne ta zama shaida ta biyu:

```
cosθ = 50 / 94.3 = 0.53
R = sqrt(10² + 34.85² + 2×10×34.85×0.53) = 41.0 kN
```

Ka binciki kanka

Lissafin yana da hanyar tona asirin kuskurensa, kuma ba ta cin minti biyu. Ƙarfin tsaye na duka notunan dole ya koma nauyin da aka fara da shi: uku na dama suna da 28.47 ƙasa, uku na hagu suna da 8.47 sama, bambancin 85.41 ban da 25.41, wato 60. Na kwance dole su cinye juna, biyu dama biyu hagu. Murɗin ma haka: notuna huɗu sau 29.56 sau 80, a tara da shida sau 18.47 sau 50, ya ba da 15000. Idan ɗaya daga cikin ukun bai fita ba, ka koma kan cibiyar ko kan alamomin.

Wane noti zai ɗauki kN 41?

A ƙa'idar Turai ta EN 1993-1-8, ƙarfin yanka na noti mai daraja 4.6 ko 8.8, idan yankan ya faɗa a kan zarensa, shi ne 0.6 sau ƙarfin ƙarfen sau faɗin wurin zaren, a raba da 1.25. Lambar farko ta darajar ita ke faɗin ƙarfin ƙarfen: 8.8 na nufin 800 N/mm², 4.6 kuma 400. Noti M16, wato mai kaurin milimita 16, yana da faɗin 157 mm² a wurin zare.

```
M16 8.8: 0.6 × 800 × 157 / 1.25 = 60.3 kN
M16 4.6: 0.6 × 400 × 157 / 1.25 = 30.1 kN
```

M16 mai daraja 8.8 ya wadatar, kimanin kashi 68 cikin ɗari na ƙarfinsa ake amfani da shi. Mai daraja 4.6 bai isa ba. Abin tsoron shi ne, wanda ya tsaya a kan kN 10 zai ga 30.1 ya ce ai akwai rara ninki uku. Idan 4.6 ne kawai ke samuwa, M20 mai faɗin 245 mm² yana ba da kN 47.0, ya tsallake. BS 5950 ma wuri ɗaya take kai ka: tana ba M16 8.8 kimanin kN 58.9, M16 4.6 kuma 25.1.

Ana buga darajar a kan notin, ka duba da idonka kafin a ɗaura. A kasuwa za a iya miƙo maka noti mai sheƙi wanda kansa ba rubutu, a ce maka ai mai ƙarfi ne. Wanda ba shi da lamba, kada ka lissafa shi a 8.8. Haka kuma ka yi lissafi da faɗin wurin zare ko da zane ya nuna santsin jikin notin ne zai faɗa a mahaɗar. Santsin M16 yana da 201 mm², amma ba kai ne za ka zaɓi tsawon notin da za a ɗauko ranar ɗauri ba, kuma da yawa zarensu har kai yake.

Noti ba shi kaɗai ke iya gazawa ba. Farantin ma yana iya yagewa a bakin hujin. Wannan ya dogara ne da kaurin farantin da nisan hujin daga bakinsa. Hujin M16 milimita 18 ne. Da farantin ƙarfe mai daraja S275 mai kaurin 10, an ɗauki ƙarfinsa 410 N/mm², idan tsakiyar hujin tana milimita 40 daga kowane baki, ƙa'idar tana ba da kimanin kN 97, babu damuwa. Amma a ce mai walda ya rage farantin da wutar gas don ya yi kyau, ya bar milimita 22 kawai ta ɓangarorin biyu. Wannan bai saɓa wa mafi ƙarancin da ƙa'idar ta yarda da shi ba, wato 1.2 sau faɗin huji, milimita 21.6. Duk da haka ƙarfin ya sauko kimanin kN 37, ƙasa da 41 ɗinmu. Ga kuma abin da ke ƙara dagula shi: notunan da suka fi ɗaukar ƙarfi su ne na kusurwa, kuma duka suna kusa da bakin farantin, na hagu ma baki biyu a lokaci ɗaya. Ƙarfin nasu a karkace yake, yana da ɓangaren kwance da na tsaye, don haka nisan gefe yana da muhimmanci kamar nisan sama da ƙasa. A yi wannan binciken a fuskar ginshiƙin ma idan ta fi farantin siranta.

Idan noti ɗaya ya ɓace

Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato. An zo ɗauri, huji ɗaya bai haɗu da na ginshiƙi ba, injin huji yana ƙasa, magariba ta kawo jiki, sai a ce biyar ma sun isa, ai ɗaya ne cikin shida. A ce na saman dama ne aka bari.

Komai sai an sake shi daga farko, domin cibiyar ta tashi daga inda take. Notuna uku a hagu, biyu a dama, sai ta matsa milimita 10 hagu. An rasa ɗaya a sama, sai ta sauka milimita 16. Tunda ta matsa hagu, nisan nauyin ya zama 260, murɗin ya hau 15600. Jimlar r² daga sabuwar cibiyar ta faɗo 29920, kason kai tsaye ya zama kN 12.

Notin ƙasan dama yanzu yana x na 60, y na 64 ƙasa da cibiya:

```
Fmx = 15600 × 64 / 29920 = 33.4 kN
Fmy = 15600 × 60 / 29920 = 31.3 kN
R = sqrt(33.4² + (31.3 + 12)²) = 54.7 kN
```

Daga 41.0 zuwa 54.7. An cire kashi ɗaya cikin shida na notunan, wahalar ta ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, kuma rarar M16 8.8 ta kusa ƙarewa.

Wannan misalin yana kuma karya wata magana da ake yawan maimaitawa, cewa notin da ya fi nisa da cibiya shi ne ya fi shan wahala. A sabon tsarin, mafi nisa shi ne na saman hagu, mai x na 40 da y na 96, nisansa milimita 104. Murɗin da ke kansa ya fi na kowa, ɓangaren kwancensa kaɗai ya kai kN 50. Amma yana gefen da murɗi da nauyi ke cin juna, jimlarsa ta tsaya a 50.8. Na ƙasan dama nisansa bai kai 88 ba, ya kuma fi shi. Nisa yana faɗin girman murɗi ne kawai, ba ya faɗin ko zai haɗu da nauyin ko zai rage shi. Idan rukunin bai daidaita ta kowane gefe ba, ko nauyin ya zo a karkace, ka lissafa kowane notin kusurwa, kada ka zaɓa da ido.

Nauyi mai karkata ba ya buƙatar sabuwar dabara. Ka raba shi kwance da tsaye, kowanne ka raba da yawan notuna, murɗin kuma ka tara na ɓangarorin biyu da alamominsu. Bambancin kawai shi ne yanzu ɓangaren kwance ma yana da kason kai tsaye, wanda zai ƙara wa notunan sama ya rage wa na ƙasa, ko akasin haka.

Idan lissafi bai fita ba, me za a taɓa?

Abin da hankali ke fara kawowa shi ne a ƙara noti. Amma wurin da aka sa shi ya fi yawansa tasiri. Da za a iya sa na bakwai a daidai cibiya, ba zai ƙara komai a jimlar r² ba, kason kai tsaye kawai zai rage daga 10 zuwa 8.6, mafi wahalar ya sauko daga 41 zuwa 40. An ɓata huji a banza.

A bar notunan shida yadda suke, a buɗe tazarar tsaye daga 80 zuwa 120. Jimlar r² ta tashi zuwa 72600, ɓangaren kwance ya zama 24.8, na tsaye 20.3, mafi wahalar ya dawo kN 32.1. Ba a sayi ko noti ɗaya ba, farantin ne kawai ya ƙara tsayi da milimita 80. Idan aka yi jeri huɗu a tazarar 80, notuna takwas ke nan, ana samun kN 27.0. Idan kuma tsarin ginin ya ba da dama a matso da nauyin daga 250 zuwa 150, notuna shida na farko suna saukowa kN 27.6, kusan daidai da abin da takwas suka bayar. Ni a ganina tambayar farko ga mai zanen ginin ita ce ko dole ne hannun ya miƙa har haka. Faɗin fuskar ginshiƙi yakan hana a buɗe tazarar kwance, shi ya sa tsayi ne yawanci ke hannunka.

Farantin da kansa yana lanƙwasawa a ƙarƙashin wannan murɗin, kuma wurin da ya fi rauni shi ne layin hujin dama, inda huji uku suka rage masa jiki. Wannan bincike ne dabam da ba a tsallake shi. Ƙarin tsayin da ya sauƙaƙa wa notuna yana taimakon farantin a nan ma.

Iyakar wannan hanya

Hanyar ta ginu ne a kan cewa farantin ba ya lanƙwasa, notunan duka sun taɓa bakin hujinsu a lokaci ɗaya, kuma juyawar a kan cibiya take. Babu ɗaya daga ciki da yake gaskiya ɗari bisa ɗari. Huji ya fi noti faɗi da milimita 2, don haka wasu notunan suna fara ɗaukar kaya kafin wasu. Abin da ke ceton lamarin shi ne ƙarfe yana da haƙuri: notin da ya fara matsuwa yana ɗan lotsa bakin hujinsa, sauran su iso su karɓa. Wannan yana aiki ne idan bambancin ɗan kaɗan ne. Hujin da aka faɗaɗa da wutar gas har ya zama kamar ƙwai ba ya cikin wannan rangwamen, notin da ke cikinsa ba zai taɓa komai ba sai bayan 'yan'uwansa sun wahala, lissafinsa kusan na notin da ya ɓace ne.

Saboda wannan haƙurin na ƙarfe, rukunin ba ya faɗuwa da zarar noti ɗaya ya kai iyakar lissafi. Gwaje-gwajen Crawford da Kulak da aka wallafa a 1971 su ne tushen wata hanya ta biyu, wadda ke neman ainihin wurin da farantin ke juyawa a kansa, wanda ba cibiya ba ne, yana can gefen da ke nesa da nauyin. Teburorin AISC, ƙungiyar gine-ginen ƙarfe ta Amurka, a kanta aka gina su, kuma yawanci tana ba rukunin ƙarfi fiye da hanyar da muka bi. Sai dai tana buƙatar gwaji da maimaitawa, ba aikin takarda da biro ba ne. Ga hannu ɗaya ko biyu a gini, inda ba ka da tabbacin ingancin huji, rarar da hanyarmu ke bari ba asara ba ce.

Idan nauyin mai kai da komo ne, kamar na injin ɗaga kaya ko injin da ke girgiza, kN 41 ɗin yana nan yadda yake, amma abin da za a gwada shi da shi ya canja. Ana sa notuna masu daraja 8.8 ko 10.9 a ɗaure su da awo har su matse farantin, yadda gogayyar fuskokin biyu ce za ta riƙe nauyin, a kuma gwada ƙarfin da iyakar zamewa, wadda ta fi iyakar yanka ƙanƙanta.

A hannun da ya riga ya yi aiki, alamun suna bin taswirar lissafin. Bakin farantin yakan ɗan sunkuya, fenti ya tsage a zagayen wosha na kusurwoyin da ke gefen nauyi, wani lokaci jan tsatsa ya zubo daga ƙarƙashin kan notin, alamar yana motsi a hujinsa. Idan aka tallafe nauyin aka zare notin saman dama, hujin farantin zai nuna miƙewa a karkace, jikin notin kuma zai nuna gaɓa a daidai mahaɗar ƙarafan biyu. Notin da ya yi wannan gaɓar ba a mayar da shi, kuma a zaro na ƙasan dama ma a duba, tunda ƙarfi ɗaya suka ɗauka.